Farashin Gobe da Ake Yankewa Yau: Daga Ina Yake Fitowa, Mene Ne Hukuncinsa?



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halatta ciniki Ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai da sauran garuruwa, mas'alarmu ta yau ta shafi ƴan kasuwar da ke odar kaya daga waje, da masu canji, da duk wanda ke da bashin da zai biya da kuɗin wata ƙasa. Surarta ita ce: mutum ya je banki ya ce yana buƙatar dalar Amurka nan da wata uku ko shekara guda, banki ya yanke masa farashi tun yau, a sa hannu a takarda, amma ba ya ba da sefa yau, banki ma ba ya ba da dala yau. Sai ranar da wa'adi ya cika kowa zai miƙa nasa a kan farashin da aka yanke. Wannan shi zan riƙa kira canjin wa'adi, farashinsa kuma farashin wa'adi.

Malaman usulu sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtar surarsa. Saboda haka ba zan fara da cewa halal ko haram ba. Zan fara nuna muku yadda banki ke samo wannan farashi, domin mafi yawan mutane suna zaton hasashe ne na masana game da inda dala za ta kai. Ba hasashe ba ne. Lissafi ne na kuɗin ruwa guda biyu, na sefa da na dala, kuma duk wanda ya iya ninkawa da rabawa zai iya fitar da shi da kansa.

Tunatarwa kafin mu shiga: duk inda na ce dala a wannan rubutu, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Sefa kuma da ɗaiɗai nake ƙidaya ta, kamar yadda ake rubutawa a takardar banki.

BUƘATAR GASKIYA CE

Kada wani ya raina damuwar ɗan kasuwa. Sefarmu a ɗaure take da yuro tun 1999, a kan sefa 655.957 ga kowane yuro ɗaya. Wannan ba ya motsi. Amma yuro da dala kullum suna hawa da sauka a tsakaninsu, kuma duk inda yuro ya nufa sefa tana biye da shi kamar ɗan raƙumi da uwarsa. A farkon 2021 dala ɗaya tana wajen sefa 540. A watan Satumba na 2022, lokacin da dala ta fi yuro daraja, ta haura sefa 670. Wanda ya ɗauki kaya bashi da dala a farkon wannan tsakani, ya sayar da su a kasuwa da lissafin 540, ya zo biya da lissafin 670, ya san abin da ake nufi da asara ba tare da gobara ba.

Don haka mai neman a ɗaure masa farashi ba lalle ne ɗan caca ba. Sau da yawa mutum ne mai son ya san abin da ke kansa, ya kwana da kwanciyar hankali. Niyyarsa ba abin zargi ba ce. Abin dubawa shi ne hanyar.

YADDA BANKI KE FITAR DA FARASHIN

Mu ɗauki misali. Lambobin nan na zaɓe su ne don sauƙin lissafi, ba farashin kasuwar yau ba ne.

Wani ɗan kasuwa ya ɗauki kaya daga waje, zai biya dala 104,000 bayan shekara guda cif. Yau dala ɗaya sefa 600 ce. A ce kuɗin ruwan sefa a tsakanin bankuna kashi 6 cikin 100 ne a shekara, na dala kuma kashi 4 cikin 100.

Banki ya yi alkawarin kawo masa dala 104,000 bayan shekara. To banki ba ya son ya zauna yana jiran abin da kasuwa za ta yi, domin idan dala ta tashi shi zai kwana a ciki. Sai ya rufe ƙofar asarar tun yau da matakai uku.

Da farko yana ranto sefa miliyan 60. Sannan ya sayi dala da su nan take a kan 600, ya sami dala 100,000. Sannan ya ajiye wannan dala a inda za ta haifi kashi 4 cikin 100. Bayan shekara ta zama dala 104,000, daidai abin da ya yi wa ɗan kasuwa alkawari, ba ƙari ba ragi.

Yanzu nawa wannan dala ta tsaya wa banki? Sefa miliyan 60 da ya ranto ta hau da kashi 6 cikin 100, ta zama miliyan 63 da jika 600, wato 63,600,000. Wannan shi ne abin da dole ya karɓa daga ɗan kasuwa don ya biya bashinsa. Ku raba 63,600,000 gida 104,000, za ku sami sefa 611.54. Wannan shi ne farashin wa'adi na shekara guda. A kansa banki zai ɗora ɗan ladansa.

Ku lura da kyau: a duk wannan lissafi babu inda muka tambayi wani masani ko dala za ta tashi ko za ta faɗi. Abu uku kawai muka yi aiki da su: farashin yau, ruwan sefa, ruwan dala. Ga ƙa'idar a taƙaice:

farashin wa'adi = farashin yau × (1 + ruwan sefa) ÷ (1 + ruwan dala)

Wato 600 × 1.06 ÷ 1.04 = 611.54.

Idan wa'adin wata uku ne, sai a ɗauki rubu'in kowane ruwa: 600 × 1.015 ÷ 1.01, a sami sefa 602.97. Wa'adi ya gajarta, ƙari ya ragu. Wa'adi ya tsawaita, ƙari ya yawaita. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali cewa ƙarin nan kuɗin lokaci ne. Sefa 11.54 da suka hau kan 600 ba komai ba ne face tazarar da ke tsakanin ruwa biyu, wato kusan kashi 2 cikin 100.

ME YA HANA BANKI YA FAƊI WANI FARASHI DABAN?

Wani zai ce: ai banki yana iya cewa 630 ko 600, wa zai hana shi? Abin da ke hana shi shi ne sauran bankuna da manyan dillalan kuɗi, waɗanda ke tsaye suna jiran irin wannan kuskure.

A ce wani banki ya yarda zai sayi dala bayan shekara a kan 630. Nan take wani dillali zai ranto sefa miliyan 60, ya sayi dala 100,000, ya ajiye ta ta zama 104,000, ya kuma ƙulla da wancan banki cewa zai sayar masa da ita a 630. Ranar wa'adi zai karɓi sefa 65,520,000, ya biya bashinsa na 63,600,000, ya tashi da 1,920,000 ba tare da ya sa ko tamma ta aljihunsa ba. Kowa ya ga haka zai ruga ya yi, har yawan masu tallar dalar wa'adi ya karya farashin ya dawo 611.54.

A ce kuma an sauke shi zuwa 600. Sai dillali ya juya hanya: ya ranto dala 100,000, ya mai da ita sefa miliyan 60, ya ajiye ta zama 63,600,000, ya ƙulla sayen dala 104,000 a kan 600, wato 62,400,000, ya biya bashin dalarsa, ya rage masa 1,200,000. Nan ma rububi zai ɗaga farashin ya koma mazauninsa.

Saboda haka farashin wa'adi kamar ruwa yake a cikin ƙwarya biyu da aka haɗa da bututu: dole ya daidaita. Ƙa'idar da za ku riƙe ita ce: kuɗin da ruwansa ya fi yawa shi ne mai araha a farashin wa'adi, wanda ruwansa ya fi ƙanƙanta shi ne mai tsada.

Amma wannan daidaito yana da iyaka. Yana tsayuwa sosai ne a inda kuɗi ke shiga da fita ba shamaki, kamar tsakanin yuro da dala. A ƙasashenmu akwai dokokin canji da ke taƙaita fitar da kuɗi, ga tsoron kada wanda aka ranta wa ya kasa biya, ga ladan banki. Don haka farashin da za a faɗa muku a zahiri ba zai zo daidai da na alƙalami ba. Kuma da yake sefa a ɗaure take da yuro, banki yakan bi ta kan farashin wa'adi na yuro da dala ne ya fitar da na sefa. Hanya ta bambanta, amma asalin ɗaya ne: ruwa a kan ruwa.

DARASI GA MASU HULƊA DA NAIRA

Mu da ke bakin iyaka wannan ƙa'ida tana warware mana wani ruɗi. Kun sha jin ana cewa: mai da kuɗinka naira ka ajiye a banki can, ruwansu ya ninka namu sau huɗu ko biyar. Gaskiya ne ruwan naira ya yi sama. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100. Mu bar batun haramcin ruwan tukuna, mu duba lissafin duniya kawai.

A ce jika ɗaya ta sefa naira 2,500 ce yau, ruwan naira kashi 26, na sefa kashi 5. Farashin wa'adi na shekara zai zama 2,500 × 1.26 ÷ 1.05, wato naira 3,000 ga kowace jika. Wanda ya mai da jika 1,000 naira ya sami miliyan 2 da rabi, bayan shekara ta zama 3,150,000. Idan ya ɗaure farashin komawarsa sefa a kan 3,000, zai dawo da jika 1,050. Daidai abin da zai samu da ya bar kuɗinsa a sefa. Ƙarin kashi 21 ya narke a hanyar dawowa.

Idan kuma bai ɗaure ba, to ya jingina dukiyarsa ga abin da naira za ta yi. A farkon watan Yuni na 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460 ga dala. A farkon 2024 ya haura 1,500. Wane ruwa ne zai cike wannan rami? Yawan ruwa ba kyauta ba ce. Galibi alama ce ta kuɗin da hauhawar farashi ke ci.

FARASHIN WA'ADI BA LABARIN GAIBU BA NE

Mu koma ga ɗan kasuwarmu da ya sa hannu a kan 611.54. Ranar wa'adi idan dala ta kai 680, da zai biya sefa 70,720,000, amma ya biya 63,600,000 kawai; ya tsira da fiye da miliyan 7. Idan kuma ta faɗi zuwa 560, maƙwabcinsa da bai ɗaure ba zai biya 58,240,000, shi kuma dole ya biya 63,600,000. Ya yi ƙarin miliyan 5 da jika 360, kuma maƙwabcin zai iya karya farashin kaya ya kwashe masa masu saye. Mafi muni, idan odar ta lalace, kaya ba su zo ba, takardar da ya sa wa hannu tana nan daram. Banki ya riga ya ranto ya sayi dala dominsa, don haka ko dai ya karɓa ko ya biya bambancin.

Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka hanya ce da babu asara a cikinta. Abin da take bayarwa shi ne sanin adadi tun wuri, ba tabbacin samun sauƙi ba.

HUKUNCIN SHARI'A

Musayar kuɗi da kuɗi shi ne abin da littattafan fiƙihu ke kira sarfu. Asalinsa hadisai ne ingantattu, daga ciki akwai na Ubadatu ɗan Samit a Sahihu Muslim, wanda ya ƙunshi cewa idan jinsi ɗaya ne, kamar zinariya da zinariya, sai an daidaita adadi kuma an yi hannu da hannu. Idan jinsi ya saɓa, kamar zinariya da azurfa, a sayar yadda aka ga dama, amma sharaɗin hannu da hannu yana nan.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin Malik ɗan Ausu, wanda ya nemi canjin dinari 100. Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi ya daidaita da shi, ya karɓi zinariyar yana jujjuya ta a hannunsa, ya nemi a jira ma'ajinsa ya dawo daga wani wuri da ake kira Gaba a wajen Madina. Sayyidina Umar yana ji, sai ya hana su rabuwa har sai Malik ya karɓi nasa. Ku duba: Ɗalhatu yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, babu mai tsoron ya ci amana, jinkirin kuma ɗan kaɗan ne. Duk da haka ba a yarda ba. To ina ga wata uku ko shekara?

Kuɗin takarda sun ɗauki hukuncin zinariya da azurfa a wannan babi. Haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Amman a 1986. Kowane kuɗi jinsi ne mai zaman kansa: sefa jinsi, naira jinsi, dala jinsi. A zamanta na Manama a 1998 kuma ta zartar cewa sayar da kuɗi da jinkiri bai halatta ba, haka ma ɗaure juna da alkawarin canji a gaba.

A nan akwai wata gaɓa mai laushi da nake so ɗalibai su riƙe. Illar da ta ɓata canjin wa'adi ba ita ce bambancin 611 da 600 ba. Da mutum biyu za su yarda su yi musayar dala a kan 611 yau, hannu da hannu, alhali kasuwa tana 600, cinikinsu ya inganta, domin jinsi ya saɓa. Haka kuma da banki zai ce ya yafe ƙarin, zai ba ka a kan 600 bayan shekara, cinikin bai gyaru ba. Illar ita ce an ƙulla sarfu an rabu babu wanda ya karɓi komai. Wannan ita ce ribar jinkiri, kuma a nan ta zo ta ɓangare biyu, bashi a kan bashi.

To mene ne amfanin lissafin da muka yi? Amfaninsa shi ne ya nuna mana hikimar hanin a fili. Mun ga cewa da zarar an buɗe ƙofar jinkiri a musayar kuɗi, abin da ke shigowa ya cike tazarar shi ne kuɗin ruwa, ba wani abu ba. Rancen sefa mai ruwa da ajiyar dala mai ruwa, su biyun aka naɗe a cikin lamba ɗaya aka kira ta farashi. Abin da shari'a ta toshe tun a Madina, yau ga shi ma'aikatan banki suna rubuta shi a matsayin ƙa'idar aikinsu.

Mai tambaya zai ce: ai ana sayar da kaya bashi a ƙara farashi, kuma ana biyan kuɗin gero tun kafin kaka. Amsa ita ce waɗannan kuɗi ne da kaya. Jumhurun malamai sun halatta sayar da kaya zuwa wa'adi da farashin da ya fi na hannu, idan an tsayar da shi tun farko. Cinikin salam ma ya halatta da sharuɗɗansa, kuma a cikinsa ana ba da kuɗi tun farko. Amma kuɗi da kuɗi babinsu daban ne, kuma nassi ne ya ware shi.

Wani kuma zai ce: ba ciniki muka ƙulla ba, alkawari ne kawai. A nan akwai saɓani na gaskiya. Imamu Shafi'i da Ibnu Hazmin sun sauƙaƙa a kan mutum biyu su yi wa juna alkawarin canji, matuƙar kowa yana da zaɓin fasawa, kuma ciniki sai ranar ake ƙulla shi. Mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa hani ne, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halil. Amma ku sani takardar banki ba ta shiga wannan saɓani ba, domin babu mai zaɓin fasawa a cikinta. Alkawarin da ya ɗaure ɓangare biyu, har kotu za ta iya tilasta shi, ciniki ne ko da an canza masa suna.

YADDA ZA KU GANE SHI

Ba sai a banki kaɗai ake yin sa ba. A kasuwa ma, idan ka ce wa mai canji ya riƙe maka naira miliyan 5 a kan farashi kaza zuwa ranar kasuwa mai zuwa, kuka ɗaure juna babu wanda ya ba da komai, kun faɗa ciki. Idan ka ba shi sefa yau a matsayin cinikin da aka gama, ya ce ka dawo jibi ka karɓi naira, nan ma jinkiri ya shiga ta ɓangare ɗaya.

Ku yi wa kowace mu'amala tambaya uku. Shin abin da ake musaya kuɗi ne da kuɗi? Shin an yanke farashi yanzu alhali karɓa sai gaba? Shin dukkanmu biyu mun ɗauru, babu mai iya fasawa? Idan amsoshin uku duka i ne, to canjin wa'adi ne, ko mene ne sunan da ke saman takarda.

Kada kuma a tsananta inda shari'a ta sauƙaƙa. Shigar kuɗi a asusunka na banki ko na waya karɓa ce a hukumance. Majalisar Fiƙihu a 1990 ta yi rangwame a kan ɗan lokacin da aikin banki ke ɗauka bisa al'ada kafin kuɗi su bayyana a asusu, da sharaɗin kada mutum ya yi tasarrufi da su sai sun shiga. Wannan jinkirin aiki ne, ba wa'adin da aka saya da kuɗi ba.

MAFITA

Ba daidai ba ne malami ya rufe ƙofa ya tafi ya bar mutum a rana. Ga hanyoyin da nake ganin sun fi kusa da hannu, kowace da nauyinta.

Ta farko: ka nemi mai sayar maka ya rubuta bashin da yuro maimakon dala. Tun da sefa a ɗaure take da yuro, ka san abin da ke kanka tun ranar farko ba tare da wata takarda ba. Abin da ya rage shi ne yiwuwar a sauya ɗaurin kansa, kamar yadda aka yi a watan Janairu na 1994 lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Wannan ba abu ne na kullum ba, amma dattawanmu ba su manta ba.

Ta biyu: ka sayi dalar yau hannu da hannu, ka biya tun wuri ko ka ajiye ta zuwa ranar biya. Nauyinta shi ne jarinka zai kwanta, kuma buɗe asusun kuɗin waje a ƙasashenmu yana buƙatar izinin hukuma. Ka lura wannan shi ne ainihin abin da banki ke yi a madadinka, sai dai shi da rance mai ruwa yake yi, kai kuma da halalinka.

Ta uku: murabaha ta gaskiya. Banki ya sayi kayan da kansa da dala, su shiga mallakarsa da lamuninsa, sannan ya sayar maka da sefa a kan farashi tsayayye zuwa wa'adi. Nan bashinka ya zama na sefa, motsin dala ya bar wuyanka, cinikin kuma ya zama kuɗi da kaya. Sharaɗi shi ne banki ya mallaki kayan da gaske kafin ya sayar, kada ya zama takarda ce kawai ke yawo, kuma kada bashin ya ƙaru idan ka makara.

Ta huɗu: wanda ke fitar da albasa ko wake ko dabbobi yana karɓar naira, kuma yana sayo kaya da naira, ya daidaita shigarsa da fitarsa a kuɗi ɗaya, ya rage yawan canjin da yake buƙata.

Ta biyar ita ce alkawari na ɓangare ɗaya: ɗaya ya ɗaure kansa cewa zai yi canji a rana kaza kan farashi kaza, ɗayan yana da zaɓi, sannan a ƙulla sarfu a ranar hannu da hannu. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ma'aunan shari'a ga bankunan Musulunci, ta halatta wannan, ta kuma hana alkawarin da ya ɗaure ɓangare biyu ko da don kariya ne. Ra'ayina shi ne kada a fara da wannan hanya sai sauran sun gagara, kuma sai ga mai bashin kaya na gaske. Dalili kuwa, farashin da za a rubuta a ciki galibi da wancan lissafi na ruwa biyu ake fitar da shi, kuma abu ne mai sauƙi a rubuta alkawari biyu masu fuskantar juna a kira kowanne na ɓangare ɗaya. Wanda aka miƙa wa irin wannan takarda ya kai ta ga malamin da ya san babin ciniki kafin ya sa hannu, ba bayan ya sa ba.

Wanda kuma ake bin sa dala, ranar biya ta zo ya ga sefa ce a hannunsa, babu laifi ya biya da sefa a kan farashin wannan rana, idan mai bin sa ya yarda, su rabu babu sauran komai a tsakaninsu. Asalin wannan shi ne abin da aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar game da cinikin raƙumansa, inda yakan sayar da dinari ya karɓi dirhami. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a yanke farashin wannan musaya tun ranar cin bashi.

Wanda ya riga ya shiga irin wannan yarjejeniya cikin rashin sani, ya nemi hanyar warware ta idan zai yiwu ba tare da cutar da ta fi ƙarfinsa ba, ya nemi gafarar Allah, kada ya sabunta ta. Masu canji kuma, ku ne kuka fi kowa buƙatar karanta babin sarfu, domin malamai sun daɗe suna cewa yana cikin mafi ƙuncin babukan ciniki. Ku zauna gaban malamanku ku karance shi daga Risala ko abin da ya fi ta, kamar yadda kuka karanta babin tsarki da salla.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya wadatar da mu da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.